Na ce "zan yi ƙoƙari", manajana ya ji "na yi alkawari"

Assalamu alaikum Malam. Ni akanta ce a wani kamfani mai rassa a ƙasashe da dama. Ina aiki a hedikwatarsa da ke ƙasar Holan, manajana ma ɗan ƙasar ne. Ranar Litinin ya tambaye ni ko zan gama rahoton kuɗi na wata uku zuwa Juma'a. Na ce masa zan yi ƙoƙari, amma aikin da yawa, kuma alƙaluman rassa uku da ke hannun ofishinmu na Japan ba su iso ba. A ganina na gaya masa ba zai yiwu ba ke nan. Na tuntuɓi na Japan a taron bidiyo, jagoransu ya ce "e, za mu duba", har yau shiru. Juma'a ta zo, sai ga imel daga manaja, ya sa mutum biyu a CC: "Rahoto bai zo ba, kin ce Juma'a. Sashe na uku na daftarinki kuma kuskure ne." Ko gaisuwa babu. Tun ranar barci ya ƙaurace mini, har ina tunanin ajiye aiki. Raini ne wannan ko me?

'Yar'uwarku cikin damuwa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya yaye miki damuwa. Kada ki rubuta takardar ajiye aiki a wannan makon, domin abin da ya same ki yana da gyara, kuma mafi yawan gyaran a hannunki yake.

Mutane ba wuri ɗaya suke ajiye ma'anar maganarsu ba. Wasu a cikin kalmomin da suka furta suke zuba ta kacokan: abin da aka faɗa shi ne abin da ake nufi, abin da ba a faɗa ba kuwa babu shi. Wasu kuma rabin ma'anar ko fiye suna barin ta a kewayen maganar, wato a muryar da aka yi ta, da ɗan jinkirin da ya gabace ta, da matsayin mai faɗa da na wanda ake faɗa wa, da waɗanda ke zaune a wurin. Edward T. Hall, wani Ba'amurke masanin halayyar al'ummomi da ya horar da jami'an diflomasiyyar ƙasarsa a shekarun 1950, shi ya fito da wannan rabe-rabe sosai a 1976. Ya kwatanta tagwayen da suka tashi tare, waɗanda kalma ɗaya ke isar su fahimtar juna, da lauyoyi biyu a gaban alƙali, waɗanda sai sun faɗi komai filla-filla. Amurka da Jamus da Holan suna ɓangaren masu dogaro da kalma. Japan da Koriya da Sin suna can ƙarshen ɓangaren masu dogaro da mahallin magana. Sauran duniya tana tsakani, kuma abin da ya shafe ki shi ne babu wanda yake da matsayi ɗaya tak. Idan aka jera ki da manajanki, ke ce mai hannunka-mai-sanda. Idan aka jera ki da jagoran ofishin Japan, ke ce mai magana ɓaro-ɓaro. A mako ɗaya kin tsaya a ɓangarori biyun, shi ya sa abin ya rikice miki.

Mu fara da amsar da kika ba manaja. Ke kin ɗora nauyin maganar a kan "amma", kina sa ran zai ji dalilan biyu da kika jero ya haɗa su ya gane amsar a'a ce, ya ɗauke miki nauyin furta ta. Shi kuwa tambayar e ko a'a ya yi, kunnensa na jiran ɗaya daga cikin biyun. Bai ji a'a ba, ya ji "zan yi", sai ya rubuta Juma'a a jadawalinsa, wataƙila ma ya isar da wannan rana ga na sama da shi. Dalilan da kika kawo ya ɗauke su a matsayin bayanin wahalar da za ki sha kafin ki cika alkawari. A tarbiyyar aikin da ya taso a ciki, wanda ya san ba zai iya ba shi ke da alhakin faɗa, kuma faɗar a'a ga shugaba tun da wuri alama ce ta mutumin da za a dogara da shi. Saboda haka a idonsa laifinki ba jinkirin ba ne kaɗai. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne kwana huɗu sun wuce ba ki sanar da shi cewa wa'adin ya rushe ba.

Yadda za ki amsa irin wannan tambaya nan gaba lissafi yake buƙata kafin baki ya buɗe. Mu ɗauka rassan 12 ne, alƙaluman 9 suna hannunki, kowane reshe kuma yana cin awa 2 wajen daidaita lissafinsa. Rassa 9 awa 18 ke nan, ukun Japan awa 6, haɗa rahoto da bitarsa a ce wata awa 6, jimilla awa 30. Idan sauran ayyukan ofis suna cinye miki awa 2 kullum, kina da awa 6 a rana, wato awa 30 cif daga Litinin zuwa Juma'a, babu rarar ko minti ɗaya. Wannan lissafi ya nuna miki abu ɗaya muhimmi: za ki gama da rassa 9 ranar Laraba da yamma, don haka dole alƙaluman Japan su kasance a hannunki ranar Alhamis da safe, kuma duk kwana ɗaya da suka ƙara, rahoton ma ya ƙara kwana ɗaya. To sai ki ce masa: "A'a, cikakken rahoto ba zai samu ranar Juma'a ba sai idan alƙaluman Japan sun iso kafin ƙarfe 9 na safiyar Alhamis. Idan ba su iso ba, zan iya ba ka na rassa 9 ranar Juma'a, cikakken kuma kwana biyu na aiki bayan isowarsu. Wanne ka fi so?"

Lura da jerin. Amsar ce a gaba, sai sharaɗi da ranarsa da lokacinsa, sai zaɓi. Dalili yana iya biyo baya idan ya tambaya. Masu hannunka-mai-sanda sun saba su fara da shimfiɗa, su jero dalilai, hukuncin ya zo a ƙarshe ko ma a bar mai sauraro ya ciro shi da kansa. Ga mai dogaro da kalma, abin da ya fara ji shi ne saƙon, abin da ya biyo baya ƙarin bayani ne da zai iya saurara da rabin kunne. Ba a ce ki bar ladabi ba. Ki sassauta murya, ki yi godiya, ki yi masa magana da girmamawar da kika saba. Abin da ba za ki sassauta ba shi ne rana da adadi da kalmar a'a. Kuma idan Laraba ta yi kika ga alamar alƙaluman ba za su zo ba, a ranar za ki aika masa layi biyu ki sanar da shi, ba sai ya tambaya ba.

Yanzu ga imel ɗin da ya hana ki barci. Akwai abubuwa biyu da mutane ke haɗawa alhali daban suke: yadda al'umma ke bayyana magana gaba ɗaya, da yadda take faɗin kuskuren mutum. Erin Meyer, malama a makarantar koyon kasuwanci ta INSEAD da ke Faransa, ta raba su a 2014, kuma rabon yana da amfani a aikace. Amurkawa suna fayyace komai a rubuce, amma idan za su soki aikinka sukan fara da yabo biyu ko uku su lulluɓe sukar a ciki. Faransawa suna da zurfin magana da barin abu a tsakanin layuka, amma wajen suka ba sa ɓoye-ɓoye. Turawan Birtaniya za su ce maka suna da "'yan ƙananan shawarwari" alhali so suke ka sake aikin daga tushe. 'Yan Holan kuwa sun haɗa biyun, suna fayyace magana kuma suna faɗin kuskure tsirara. A wurin mutane da yawa a can, yi wa abokin aiki kwana-kwana kamar ɗaukar sa ne a matsayin yaron da ba zai iya jure gaskiya ba. Imel mai layi biyu babu gaisuwa ba lallai ne ya ɗauko fushi ba, sau da yawa gajarta ce kawai. Mutum biyun da ya sa a CC ma ki duba su waye. Idan masu jiran rahoton ne, mai yiwuwa sanar da su yake yi cewa zai makara, ba tozarta ki ya nufa ba, ko da yake zafin da kika ji na gaske ne kuma kina da damar faɗa masa.

Amma ba kowace kaushin magana ce za a jingina wa al'ada ba, kuma ba ma so ki haɗiye wulaƙanci da sunan fahimtar baƙi. Ki sa ido na mako biyu zuwa uku. Shin sukarsa a kan aiki take tsayawa, kamar "sashe na uku kuskure ne", ko tana gangarowa kan mutum, kamar "ke ba ki san aiki ba"? Shin haka yake yi wa kowa, har 'yan ƙasarsa da waɗanda suka girme shi a muƙami, ko ke da wasu baƙi kaɗai? Shin bayan ya faɗa yana ci gaba da mu'amala da ke kamar ba a yi ba? Gwaji mafi ƙarfi shi ne na ƙarshe: idan ke kika ce masa "ban yarda da wannan ba, ga dalilina", yana saurara ya yi musu a kan hujja, ko yana hasala? Mai magana kai tsaye na gaskiya yana karɓar irin abin da yake bayarwa. Wanda yake bayarwa ba ya karɓa, ko yake ware ki saboda asalinki ko jinsinki, wannan cin zarafi ne. A nan sai ki riƙa ajiye saƙonnin da ranakunsu da sunayen waɗanda suka shaida, ki kai sashen kula da ma'aikata.

Ba sai kin jira gwajin ya kammala ba, ki nemi minti 15 da shi, ku biyu kaɗai, a cikin wannan mako. Kada ki shiga da dogon ban haƙuri, domin zai ɗauka kina kewaye-kewaye ne. Ki ce masa ranar Litinin kin yi nufin cewa Juma'a ba za ta yiwu ba, ba ki faɗa a sarari ba, daga yau za ki riƙa faɗa. Ki ba shi sabuwar rana. Sannan ki tambaye shi takamaimai wane layi ne a sashe na uku, kuma lissafin ne ya kuskure ko tsarin gabatarwar, domin "kuskure ne" bai isa a yi gyara da shi ba, kuma shi ba zai ga tambayar a matsayin gardama ba. Daga ƙarshe ki faɗi buƙatarki a jimla ɗaya: idan akwai gyara a aikinki, kin fi so ya fara gaya miki ke kaɗai kafin a sa wasu a CC. Irin wannan buƙata da aka faɗa ƙarara yawanci ana karɓar ta. Wadda aka nuna da ɗaure fuska da janye jiki kuwa ba zai ma lura da ita ba, sai dai ya ɗauka ba ki da lafiya.

Sai ofishin Japan, inda kujerar ta juya. Amsar da jagoransu ya ba ki 'yar'uwar wadda kika ba manajanki ce, kuma kin yi mata irin jin da manaja ya yi wa taki. A maganar aiki ta Japan, "e" sau da yawa tana nufin "ina jin ki", ba "na amince" ba. "Za mu duba" da "zai ɗan yi wuya" suna daga cikin sanannun hanyoyin ƙin abu cikin ladabi, musamman idan ɗan shiru ya gabace su, ko mai maganar ya ja iska ta haƙora, ko ya dubi na kusa da shi. Kin kuma yi tambayar a taron bidiyo, a gaban mutanensa da naki, wurin da cewa a'a zai kunyata shi ya kunyata ki. Akwai wani dalilin bayan wannan. A kamfanonin Japan da yawa ba a yanke shawara a cikin taro. Ana bin waɗanda abin ya shafa ɗaya bayan ɗaya tun kafin a zauna, a samu amincewarsu, taron ya zama na tabbatarwa kawai. Buƙatar da ta faɗo a tsakiyar taro ba tare da wannan share fage ba, ba ta da wanda zai iya amsa ta nan take, ko da yana so. Mai yiwuwa alƙaluman suna jiran sa hannun wani babba ne, shi kuma ba zai ce miki "shugabana bai sa hannu ba" a bainar jama'a ba.

Saboda haka ki kira shi shi kaɗai, ko ki rubuta masa ba tare da kowa a CC ba. Ki guji tambayar da amsarta e ce ko a'a, domin e za ki sake samu. Maimakon "za ku iya turowa ranar Alhamis?", ki tambaye shi matakan da suka rage kafin alƙaluman su fita daga ofishinsu, da wanda zai duba su, da kwanakin da hakan ya saba ɗauka. Ki buɗe masa ƙofar fita da ba za ta zubar masa da girma ba: ko zai fi sauƙi su turo na reshe ɗaya yanzu, sauran biyun daga baya, ko su turo alƙaluman wucin gadi da aka rubuta a kansu cewa ba a tabbatar ba tukuna. Idan kika yi tambaya ya yi shiru, ki ƙirga goma a zuci kafin ki sake magana. Shirun tunani ne, kuma wanda ya yi gaggawar cike shi yakan toshe amsar da ke tafe. Idan bayan duk wannan ba ki samu rana takamaimai ba, ki ɗauka amsar a'a ce a yanzu, ki gaya wa manajanki haka a ranar, ki nemi ya yi magana da takwaransa na can, domin buƙatar da ta zo daga mai muƙami daidai da na wanda zai sa hannu ta fi saurin tafiya.

Ki kuma sa agogo a lissafinki. Tokyo tana gaban Holan da awa 8 a lokacin sanyi, awa 7 a lokacin zafi, saboda Holan na canza agogo, Japan ba ta canzawa. Ƙarfe 9 na safiyar Alhamis a wurinki ƙarfe 5 ne ko 4 na yamma a wurinsu. Imel ɗin da kika aika da ƙarfe 3 na rana ya same su cikin dare, kin yi asarar yini guda ke nan. Duk wa'adin da za ki ba su ki rubuta shi da kwanan wata da agogon Tokyo, kada ki ce "ƙarshen mako" ko "da wuri". Kamfanoni da yawa a Japan suna rufe shekarar kuɗinsu ranar 31 ga Maris, kuma akwai jerin ranakun hutu daga 29 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu, don haka rahoton da ya faɗo a wannan tsakani sai an nemi alƙalumansa tun da wuri.

Abin da zai hana a maimaita wannan shi ne a mayar da fayyace magana ƙa'idar aiki ta kowa, ba halin mutum ɗaya ba. Bayan kowane taro, cikin awa 24, mutum ɗaya ya aika taƙaitaccen saƙo: wane ne zai yi me, zuwa yaushe, da abin da ba a cimma matsaya a kansa ba. Wannan ɓangare na ƙarshe shi ake yawan mantawa, kuma a nan "za mu duba" take samun wurin zama, a rubuta ta a matsayin abin da bai tabbata ba, da ranar da za a koma kansa. Akwai tarko a nan da ya kamata ki sani. Ga wanda ya saba da cewa maganar baki tsakanin mutanen kirki ta isa, saƙon da ke maimaita abin da ya faɗa yana iya zama kamar an ce ba a yarda da shi ba. Shi ya sa bai kamata ki fara aika wa jagoran Japan irin wannan saƙo kwatsam ba. Ki kai wa manajanki shawarar, a sanar da ita a taro cewa saboda ana aiki da harshen da ba na uwa ba ne ga mafi yawanku, daga yau kowane taro zai ƙare da rubutaccen taƙaitawa, kuma a riƙa karɓa-karɓa wajen rubutawa. Ƙa'idar ta fi amfani ma a tsakaninki da na Japan fiye da tsakaninki da manaja, domin ku biyun duka kuna karanta alamu, amma alamun da kowannenku ya koya daban ne, kuma kowa yana da tabbacin ya gane.

Kada dai ki mayar da wannan rabe-rabe tambarin da za ki manna wa kowa a goshi. Hall daga lura da zama da mutane ya gina shi, ba daga awo mai tsauri ba, kuma masu bincike da suka zo bayansa sun yi ta sukar yadda ake jera ƙasashe a kansa kamar an auna su da sikeli. Akwai ɗan Holan mai kawaici, akwai Bajapane da ya yi shekaru a waje yake faɗin a'a ba tare da ya ƙifta ido ba, kuma injiniyoyi ko akantoci na ƙasashe daban-daban sukan fi kama da juna a magana fiye da yadda suke kama da 'yan ƙasarsu masu wata sana'ar. Ki riƙe shi a matsayin zato na farko, sannan ki gyara shi da abin da kika gani daga mutumin da ke gabanki: yadda ya ƙi wani abu a baya, da kalmomin da ya yi amfani da su, da abin da ya biyo bayansu.

Gobe da safe, kafin ƙarfe 10, ki kira jagoran Japan tun yana ofis. Duk ranar da kika samu daga bakinsa, ko rashin ranar, da ita za ki shiga wurin manaja, tare da rahoton rassa 9 a hannunki da tambayarki a kan sashe na uku.